Ɗalibaina suna musanya x da y a takardar giraf, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malamar lissafi ce. Na ba ɗalibaina takardar aiki mai zanen gidan dara domin su sa ɗigo a (2, 5) da makamantansa, amma da yawa sai su sa shi a (5, 2). Na maimaita musu cewa x ne farko har na gaji, su amsa da baki daidai, kashegari kuma su koma gidan jiya. Yaya zan gane ainihin matsalar, kuma me zan yi a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne cewa suna amsawa da baki daidai, domin wannan yana nuna cewa ƙa'idar ta shiga kai, hannu ne da ido ba su bi ta ba tukuna, kuma ƙara maimaita ta ba zai gyara abin da hannu ya saba ba. Kafin mu je ga magani, ina so ki fara da tantance ko duk waɗanda kika yi wa jan biro musanya suka yi, saboda a kan takarda akwai kurakurai kusan huɗu da suke kama da juna daga nesa, alhali kowanne da tushensa.

Ki ɗauki takardun, ki dubi tambaya ɗaya kawai a cikin kowacce, wato (2, 5) ɗin da kika ambata. Wanda ya sa ɗigonsa a (5, 2) shi ne ya yi musanya ta gaskiya. Wanda ya sa a (1, 4) bai musanya komai ba, ya bi tsari daidai, sai dai ya ƙirga layin sifili a matsayin ɗaya. Na taɓa tsayawa a bayan wani yaro ina kallon fensirinsa: ya ɗora bakin fensirin a kan mahaɗar layin x da layin y ya ce "ɗaya", ya matsa gida guda ya ce "biyu", sai ya tsaya, alhali taku ɗaya kawai ya yi. Irin wannan yaro layuka yake ƙirgawa maimakon taku, kuma za ki gane shi da cewa duk ɗigoginsa sun ja da baya da gida guda zuwa hagu da gida guda zuwa ƙasa. Na uku shi ne wanda ɗigonsa yake a tsakiyar gida, bai hau mahaɗar layi ba, domin shi a ganinsa lambobin sunayen gidaje ne, ya ƙirga gida na 2 a kwance da gida na 5 a tsaye ya ɗiga a cikinsa. Na huɗu kuwa ɗigo biyu zai yi, ɗaya a kan 2 na layin x, ɗaya a kan 5 na layin y, saboda bai fahimci cewa lambobin nan biyu adireshin wuri ɗaya ne ba. Idan kika haɗa su duka kika ce musu "x ne farko", uku daga cikin huɗun nan kin ba su maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba.

Musanya ta gaskiya tana da wata alama da ba ta ɓuya, kuma idan kika san ta za ki riƙa gane ta da kallo ɗaya ba tare da bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya ba. Bari mu yi misali cikakke. A ce takardar tana da lambobi daga 0 zuwa 10 a layin kwance da kuma layin tsaye, an ce a sa A (2, 1), B (7, 1), C (7, 4), D (2, 4), sannan a haɗa su da rula. Wanda ya yi daidai zai sami siffa mai kusurwa huɗu a kwance, faɗinta gida 5 daga 2 zuwa 7, tsayinta gida 3 daga 1 zuwa 4. Wanda ya musanya zai sa ɗigoginsa a (1, 2), (1, 7), (4, 7) da (4, 2), ya sami siffar nan dai amma a tsaye, faɗi gida 3, tsayi gida 5. Yanzu ki ja layi a karkace daga (0, 0) zuwa (10, 10), ki zana amsar daidai a kan takardar yaron da wani launi, ki ninke takardar a kan wannan layi, ki ɗaga ta wajen haske. Za ki ga kowane ɗigo nasa ya hau kan naki daram. Musanya x da y daidai take da kallon zane a madubin da aka ajiye a kan layin y = x, kuma wannan ninki shi ne hujja mafi sauƙi da za ki nuna wa yaro, domin zai gani da idonsa cewa kuskure ɗaya ya yi sau huɗu.

Akwai tarko a cikin wannan misalin da ya kamata ki lura da shi. Idan tambaya ta gaba ta ce a faɗi yawan gidajen da siffar ta rufe, mai daidai zai ce 15, mai musanya ma zai ce 15. Idan aka ce a faɗi tsawon kewayenta, dukansu za su ce 16. Madubi ba ya canza tsawo ko girma, saboda haka malamin da yake duba amsar ƙarshe kawai zai ba su maki ɗaya, yaron kuma ya tafi da tabbacin cewa hanyarsa ta yi. Ta irin wannan kafa ce ɗabi'ar take samun gindin zama har ta bi yaro zuwa manyan azuzuwa. Haka nan duk ɗigon da lambobinsa biyu iri ɗaya ne, kamar (3, 3) ko (6, 6), ba ya tona asirin kowa, domin yana zaune a kan madubin kansa. Ina ganin takardun aiki da yawa da suke farawa da (1, 1) da (2, 2) wai don a sauƙaƙa wa yara, kuma a ra'ayina wannan sauƙi ne mai cutarwa, saboda yaron da ya fara da hawa sama kafin tafiya gefe zai ci tambayoyin farko duka, ya ɗauka hanyarsa ce daidai, sai a tambaya ta uku ko ta huɗu ya fara faɗuwa bai san dalili ba.

To me ya sa hannu yake karkata zuwa y tun farko? Dalilin da na fi gani yana bayyana ne a wajen karanta ɗigo fiye da wajen sa shi. Yaro ya saba cewa idan zai karanta abu a shafi, idonsa yana zuwa gefen hagu ya fara daga can, kuma a gefen hagu na takardar giraf lambobin layin y ne suke jere. Sai ya dubi ɗigon, idonsa ya zame hagu ya ɗauko lambar da ya tarar, ya rubuta ta, sannan ya leƙa ƙasa. Idan ɗigon yana can sama kusa da layin tsaye, kamar (1, 8), abin ya fi ƙarfi, domin lambar 8 tana dab da shi, ita kuwa 1 sai an gangara har ƙasan takarda. Ki gwada ki gani: yaron da yake karanta (8, 1) daidai sau da yawa shi ne zai karanta (1, 8) a juye, saboda a duka biyun lambar da ta fi kusa da idonsa yake fara rubutawa, a na farko ya dace, a na biyu bai dace ba. Wannan ne ya sa wasu yara suke musanya wani lokaci su bari wani lokaci, har malami ya ɗauka sakaci ne kawai.

Dalili na biyu shi ne cewa a wasu wurare tsarin a juye yake da gaske, kuma yaron bai yi laifi ba da ya saba da shi. Idan ana neman abu a jadawali, yawanci sai a fara gangarowa a nemo sahu, sannan a bi shi zuwa dama. Idan ana faɗin matsayin wuri a taswirar duniya, an saba a fara da nisansa arewa ko kudu kafin gabas ko yamma, wato tsaye kafin kwance. Babu wata hujja ta lissafi da ta tilasta x ya zo farko. Yarjejeniya ce da masu lissafi suka tsaya a kai domin kowa ya fahimci kowa, a tsarin da ake jingina wa René Descartes, wanda a 1637 ya wallafa aikin da ya haɗa aljabara da ilimin siffofi. Ni ina faɗa wa yara wannan kai tsaye, domin yaron da ya san cewa yarjejeniya ce ba ya ɓata lokaci yana neman dalili a inda babu, sai ya mai da hankali ga sabawa. Af, akwai masu cewa yaro ya tuna x yana gaban y a jerin haruffa. Wannan yana taimaka wa wasu, amma jerin haruffan Hausa ba shi da x, kuma ko wanda ya haddace jerin Turanci, abin da dabarar take gaya masa shi ne wane harafi ne farko, ba ta gaya masa wane layi ne x ba. Ki tambayi ɗalibanki su nuna miki layin x da yatsa ba tare da kin rubuta harafin a allo ba, wataƙila ki tarar wasu daga cikin masu cewa "x ne farko" layin tsaye suke nunawa.

Saboda haka abin da nake koyarwa motsi ne na hannu, wanda ake yi iri ɗaya kowane lokaci har ya zama jiki. Wajen sa ɗigo, yaro ya ɗora bakin fensir a kan (0, 0), ya ce "sifili" da baki. Ya sa yatsan ɗaya hannun ya rufe lamba ta biyu a cikin baka, ta yadda lamba ɗaya kawai yake gani. Ya bi layin kwance yana ƙirga taku har ya kai wannan lamba, ya tsaya, kada ya ɗaga fensirin. Sai a lokacin zai ɗage yatsa ya ga lamba ta biyu, ya hau layin da yake tsaye a kansa yana ƙirga taku, inda ya tsaya ya yi ɗan gicciye ƙarami a daidai mahaɗar layuka biyu, ya rubuta harafin ɗigon a gefensa. Rufe lamba ta biyu shi ne zuciyar abin, domin ido ba zai ɗauko abin da bai gani ba. Na fi son gicciye a kan ɗigo mai kauri, saboda ɗigon fensir mara fiƙa yana iya cinye rabin gida, ba a san ko a kan layi yake ko a gefensa ba, amma tsakiyar gicciye wuri ɗaya take nunawa. Kalmar da nake haɗa wa motsin ita ce: sai ka taka zuwa gindin tsani kafin ka hau. Yara suna kama wannan da wuri, domin ba wanda ya taɓa hawa tsani kafin ya isa gindinsa.

Wajen karanta ɗigo kuma, ki sa su fara rubuta baka da waƙafi babu komai a ciki, haka ( , ), kafin su dubi kowace lamba. Sannan yaro ya ɗora rula a tsaye a kan ɗigon, ya bi ta ƙasa har layin kwance, ya rubuta lambar da ya samu a gurbin farko nan take. Bayan ya rubuta ne zai juya rular a kwance ya bi ta zuwa layin tsaye ya cike gurbi na biyu. Abin da nake hanawa shi ne yaro ya karanta lambobin biyu ya riƙe su a ka sannan ya rubuta, domin a tsakanin kallo da rubutu ne suke juyewa. A nan akwai wani ruɗani da ya cancanci ki bayyana musu a fili: domin a sami x, wanda yake na kwance, rula a tsaye ake ɗorawa, domin a sami y kuma a kwance ake ɗora ta. Yaro mai tunani yana iya cewa a ransa, ai x kwance ne, bari in bi kwance daga ɗigon, sai ya tsinci kansa a layin y ya ɗauko lambar da ba ita ba. Ki gaya musu cewa tambayar farko kullum ita ce "a saman wace lamba ta ƙasa wannan ɗigo yake tsaye?", ta biyu kuma "ya yi daidai da wace lamba ta gefe?"

Wurin da ko ƙwararrun ajin suke tuntuɓe shi ne ɗigon da yake da sifili, kuma a nan nake so ki daɗe. Ki ba su (0, 4) da (4, 0) ki ga abin mamaki. Da yawa za su sa (0, 4) a kan layin kwance, saboda sifili a wurinsu babu ne, sai su tsallake shi, su ɗauki 4 a matsayin lambar farko su yi tafiya da ita. Motsin hannun da na bayyana yana warware wannan idan aka bi shi da gaskiya: fensir a mafari, lamba ta biyu a rufe, abin da ake gani 0 ne, yaro ya ce "taku sifili, ban motsa ba", ya ɗage yatsa, ya hau 4. Sai ya ga ɗigon yana kan layin y. A (4, 0) kuma ya yi taku 4, ya ɗage yatsa, ya ga ba hawa, ya yi gicciyensa a kan layin x. Ki sa su faɗi sifilin da baki, kada su wuce shi shiru. Daga nan ne kuma za ki shuka abin da zai amfane su nan gaba, wato duk ɗigon da x ɗinsa sifili ne yana kan layin y, duk wanda y ɗinsa sifili ne yana kan layin x. Idan suka sa (3, 0), (3, 1), (3, 2), (3, 5) suka ga sun jeru a tsaye, ranar da aka ce musu x = 3 layi ne a tsaye ba za su yi gardama ba.

Wani abin da yake ɓoye matsalar shi ne musanya sau biyu. Yaron da yake sa ɗigo a juye kuma yake karanta shi a juye, idan kika ce ya duba aikinsa, zai karanta ɗigon da ya sa a (5, 2) ya ce (2, 5), ya ga ya yi daidai da tambaya, ya miƙo miki takarda da ƙarfin gwiwa. Shi ya sa cewa "ka sake dubawa" ba ya aiki a kansa. Abin da yake aiki shi ne a haɗa shi da wani: yara biyu su zauna sun juya wa juna baya, kowanne da takardarsa, ɗaya ya zana siffa mai ɗigo biyar ko shida ya riƙa faɗin lambobinsu, ɗayan yana sawa, a ƙarshe su haɗa takardun. Idan siffar ɗaya ta kwanta ta ɗayan ta miƙe, su da kansu za su fara musu a kan wa ya juya, kuma wannan musu ya fi bayanin malami zama a kai. Sai dai kada ki haɗa masu musanya biyu wuri ɗaya, domin takardunsu za su dace, su ƙara wa juna tabbaci.

Game da takardar aikin kanta, idan ke kike shirya ta, akwai gyara ɗaya da ya fi kowanne amfani a wurina, wato kada layukan biyu su zama tsawo ɗaya. Ki sa layin x ya tafi daga 0 zuwa 12, layin y kuma ya tsaya a 6. Sannan ki fara da ɗigo irin (9, 2) ko (11, 4). Yaron da ya fara da hawa zai nemi 9 a layin tsaye ya rasa, takardar da kanta ta tsayar da shi kafin ki zo. Na ga wata yarinya da ta kai wannan wuri, ta ɗan yi shiru, ta juya takardar a kaikaice domin 9 ta koma sama, sai ta ga lambobin sun kwanta, ta mai da ita yadda take, ta goge, ta fara daga ƙasa. Ban ce mata uffan ba. Bayan irin waɗannan, ki kawo tagwaye a tambaya ɗaya, kamar P (2, 6) da Q (6, 2), ki ce a sa duka biyun a rubuta harafin kowanne, domin dole yaro ya yanke shawarar wanne ne wanne. Ki kuma tabbatar lambobin da ke jikin layukan an rubuta su daidai kan layi, ba su faɗa tsakanin layi biyu ba, domin takardar da aka buga da sakaci ita ce take haifar da masu ɗiga a tsakiyar gida. Idan kowane gida yana wakiltar 2 ko 5 maimakon 1, ki ajiye wannan sai tsari ya zauna, saboda yaron da yake kokawa da ma'auni yana sakin tsari.

Lokacin da kuka shiga lambobin da ke ƙasa da sifili, maganar tsani za ta buƙaci ƙari, domin yanzu akwai tafiya hagu da sauka ƙasa, sai ki mai da ita "gefe tukuna, sannan sama ko ƙasa". Tantancewa ma tana ƙara faɗi. A ce an ba da (−3, 2), wanda yake taku 3 hagu, hawa 2. Mai musanya zai sa shi a (2, −3), wato ya tashi daga ɓangaren sama na hagu ya faɗa ɓangaren ƙasa na dama. Wanda ya sa a (3, 2) alamar ɗebewa ya manta, tsarinsa lafiya lau. Wanda ya sa a (−2, 3) kuwa ya riƙe cewa hagu da sama za shi, amma ya juya yawan takun. Ki lura cewa idan alamomin biyu iri ɗaya ne, kamar (−1, −4), musanya ba ta fitar da ɗigo daga ɓangarensa, saboda haka tambayoyin da alamominsu suka bambanta su ne suke saurin nuna miki mai juyawa daga nesa.

Dalilin da ya sa nake cewa a kashe wannan ɗabi'a yanzu zai fito fili idan suka fara zana layi daga jadawali. Ki ɗauki y = 2x + 1. Idan x ya zama 0, 1, 2, 3, to y zai zama 1, 3, 5, 7, ɗigogin su ne (0, 1), (1, 3), (2, 5), (3, 7), layin yana hawa gida 2 a kowane taku ɗaya, yana yanka layin y a 1. Mai musanya zai sa (1, 0), (3, 1), (5, 2), (7, 3), kuma abin takaici su ma za su jeru a miƙe sambal, rula ta hau kansu duka. Dabarar da aka saba koya wa ɗalibai, cewa idan ɗigo ya kauce daga layi to akwai kuskure, ba ta kama wannan ba. Layinsa yana hawa gida 1 ne a kowane taku 2, yana yanka layin x a 1. Hanyar kama shi ita ce ya tsaya a kan 3 na layin kwance ya hau har ya taɓa layin da ya zana, ya karanta tsayin: lissafi ya ce 7, zanensa ya ce 1. Idan kuma za ki gwada su a kan wannan, ki guji layi irin x + y = 6, domin (1, 5) da (5, 1) duka suna kansa, (2, 4) da (4, 2) ma haka, wanda ya juya da wanda bai juya ba layi ɗaya za su zana.

A wajen duba aiki, idan kika ga yaro ya juya ɗigo goma duka, kada ki yi masa gicciye goma. Ki ja masa layin nan na karkace, ki sa masa ɗigo ɗaya daidai da jan biro kusa da nasa, ki rubuta harafinsa, ki ce ya nemo sauran tara da kansa yana rufe lamba ta biyu da yatsa. Wanda yake juyawa wani lokaci kawai, ki duba waɗanne ne ya juya. Idan masu kusa da layin tsaye ne ko masu sifili, kin san inda za ki ba shi ƙarin aiki. Sannan maimakon darasi guda mai tsawo, ki ware minti 5 a farkon darasi na kwanaki da dama a jere, ɗigo uku a sa, ɗigo uku a karanta, a cikinsu ɗaya mai sifili, ɗaya kuma irin (1, 8), ke kuma ki zagaya kina kallon inda bakin fensir yake fara sauka da inda yake nufa a takun farko.